Tambari a sama, adireshi a ƙasa, ko duka a gefe? Yadda za ka zaɓi tsarin takardar ƙaramin kamfani

Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta milimita 297, kuma ba ta ƙaruwa don kamfani ya bunƙasa. Duk wurin da tambari ya ci, da wanda adireshi ya ci, daga rabon wasiƙa aka yanke shi. Wannan shi ne abin da yawancin 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas ba sa lura da shi ranar da suka je a tsara musu letahed, wato takardar wasiƙa mai ɗauke da sunan kamfani da tambarinsa. Mai zane yana nuna musu takarda babu rubutu a kanta, ta yi kyau a fuskar kwamfuta, sai a ce a buga rim biyu. Sai ranar da aka zo rubuta wasiƙar farko a ga ta tsallaka shafi na biyu, sa hannun mai kamfani shi kaɗai a can tare da hatimi, ba ko layi ɗaya na magana a samansa. Ma'aikacin banki ko na ofishin saye da ya ga sa hannu a shafin da ba rubutu yana da damar ya yi shakka, domin irin wannan shafi ana iya maƙala shi a bayan kowace wasiƙa.

Saboda haka ni ta wajen wasiƙa nake fara awo, tambari ya biyo baya. Idan ana rubutu da harafi mai girman 11, kowane layi yana cin kusan milimita 5 tare da tazararsa. Akwai kuma sassan da kowace wasiƙar kasuwanci ba ta rabuwa da su: kwanan wata da lambar wasiƙa, adireshin wanda aka rubuta wa mai layi huɗu, gaisuwa, kan magana, sannan a ƙasa kalmar rufewa, wurin sa hannu, suna da muƙami. Idan ka haɗa su da tazarar da ke tsakaninsu, suna cin layi 20 tun ba ka faɗi abin da ya sa ka ɗauki alƙalami ba. Ka riƙe wannan adadi, da shi za mu auna tsari ukun da aka fi yi.

Kafin nan, akwai abubuwan da ba zaɓi ba ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista ya sa sunansa da lambar rajistarsa a takardun kasuwancinsa, ta kuma nemi sunayen daraktoci su fito a wasiƙun, tare da ƙasar duk daraktan da ba ɗan Najeriya ba. Wannan na ƙarshe ya shafi mutanenmu a Legas sosai, don kamfanoni da yawa haɗin gwiwa ne da 'yan'uwa daga Nijar. Sunan ya zama daidai da yadda yake a takardar shaidar Hukumar Rajistar Kamfanoni, harafi da harafi. Mai lambar RC ya sa RC, mai rajistar sunan kasuwanci ya sa BN, kuma kada mai BN ya ƙara wa kansa Ltd a ƙarshen suna don ya ga ya fi cika ido. Bayan waɗannan sai adireshi, waya da imel. Abin da ya wuce haka ƙari ne, kuma kowane ƙari sai ya biya kuɗin wurin da ya zauna.

Zan bi misalin wani ƙaramin kamfani da na yi wa aiki, na wani Alhaji da 'ya'yansa biyu, masu kai albasa da wake da busasshen barkono ga otal-otal da gidajen abinci. Ofishinsu yana Agege, ma'ajiyarsu tana Mile 12, suna da wakili a Kano. Tsohuwar takardarsu tana da babban tambari a tsakiya, suna da manyan haruffa a ƙarƙashinsa, jerin duk sana'ar da suke yi har da wadda suke fatan yi, adireshi uku, lambar waya biyar, a ƙasa kuma hotunan buhuna da babbar mota. Da na aza rula, rubutu ba ya iya farawa sai a milimita 95 daga sama, dole kuma ya tsaya milimita 47 kafin ƙarshen takarda. Abin da ya rage milimita 155 ne, wato layi 31. Cire 20 ɗin nan, saura layi 11 na magana. Alhali abin da suka fi aikawa takardar farashi ce mai kaya goma, wadda jadawalinta kaɗai yake cin layi 15, gabatarwa da sharuɗɗan biya su ci 9. Suna buƙatar layi 24, takardarsu tana ba su 11.

Tsari na farko shi ne wanda muka gada: komai a sama, a tsakiya. Tambari, suna, adireshi, waya, sai a ja layi a rufe. Ba na raina shi, don yana da amfanin da sauran ba su da shi. Wanda ya karɓi wasiƙar yana ganin ko wane ne kai da inda kake a kallo ɗaya. Idan an naɗe takardar gida uku don ambulan, kowane gida milimita 99, duk bayanin kamfani yana cikin gida na farko. Idan aka ɗauki hotonta da waya aka tura ta WhatsApp, wanda haka wasiƙun kasuwa da yawa suke tafiya yanzu, ko hoton ya yanke ƙasa adireshi yana nan. Kuma manyanmu sun saba da shi, yana yi musu kama da takardar hukuma.

Matsalarsa ita ce kowane abu yana hawa kan ɗan'uwansa, kowanne da nasa layi. Ko an matse shi da kyau, tambari mai tsawon milimita 22, suna, layin sana'a, adireshi biyu da layin waya za su kai milimita 65. Ka bar tazarar milimita 10, rubutu ya fara a 75. A ƙasa ka bar 22 don layin daraktoci da gefen takarda. Saura milimita 200, layi 40, na magana 20. Wannan ya ishi wanda wasiƙunsa gajeru ne, irin na gabatar da ma'aikaci ga banki ko neman izini, kuma adireshinsa ɗaya. Bai ishi Alhaji ba, saura layi huɗu. Abin da ya fi damuna da wannan tsari shi ne yadda yake kumbura. An buɗe reshe a Alaba Rago, an ƙara layi. An sayi sabon layin waya, an ƙara. Ba wanda yake jin an yi wani abu, amma a shekara biyu kan takardar ya ci kashi ɗaya cikin uku. Kuma fili na dama da hagun tambari, wajen milimita 60 a kowane ɓangare, yana zaune fayau ba a amfana da shi.

Tsari na biyu raba kaya ne. Sama ta ɗauki tambari da suna da lambar rajista kawai, ƙasa ta ɗauki adireshi da waya da daraktoci. Ni shi nake ba yawancin ƙananan kamfanoni shawara, kuma zan daɗe a kansa don a nan ne ake yin kuskuren da ba a gani sai an buga.

A sama, tambari yana hagu, sunan kamfani yana gefensa a jere ɗaya, lambar RC da ƙaramin harafi a ƙarƙashin sunan. Da yake suna kwance kusa da juna, tsawon tambarin ne kaɗai ake lissafi. Ka fara a milimita 12 daga saman takarda, tambari ya ci 20 zuwa 23, komai ya ƙare a 35, rubutu ya fara a 45. Gefen hagu na tambari ya yi daidai da inda layukan wasiƙa suke farawa, wato milimita 25 daga baki. Wannan daidaito ƙarami ne amma shi ne yake sa takarda ta zauna a ido. Idan tambari ya fara a milimita 15 rubutu kuma a 25, mai karatu ba zai iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma zai ji takardar a karkace.

Dalilin milimita 25 ɗin ba ado kaɗai ba ne. Na'urar huda takarda mai rami biyu tana huda kusan milimita 12 daga baki, ramin yana kaiwa 15. A ofisoshin gwamnati da yawa kuma kusurwar hagu ta sama ake hudawa a zura igiyar fayil, nan ne kuma sitefila take cizo. Tambarin da aka manna a can ƙuryar hagu, rami ne zai fara cin sa. Wasu saboda haka suke mai da tambari dama, kuma dabara ce mai kyau ga wanda wasiƙunsa ma'aikatu suke zuwa: idan ana buɗa fayil ana neman takarda, kusurwar dama ta sama ce ido yake fara gani. Sai dai a ba shi sarari a ƙasansa, don a wajen nan ne sau da yawa magatakarda yake buga hatimin karɓa. Hagu ko dama, lissafin wuri ɗaya ne.

A ƙasa, layi huɗu na harafi mai girman 8 suna cin kusan milimita 15. Su fara a milimita 27 daga ƙarshen takarda, su ƙare a 12. Ka bar tazarar 5 a samansu, ka ga iyakar rubutu ta tsaya a 32. Daga 45 zuwa nan milimita 220 ne, layi 44, na magana 24. Takardar farashin Alhaji ta shiga cif. Bambancin layi huɗu da tsari na farko kamar ba yawa, amma shi ne tsakanin shafi ɗaya da shafi biyu. Babbar ribar ma ba a nan take ba. Gindin takarda yana faɗaɗa a kwance: ana raba shi gida uku, ofishi a hagu, reshe a tsakiya, waya da imel a dama, daraktoci a layi ɗaya dogo a ƙarƙashinsu. An ƙara reshe, gida ɗaya aka cika, tsawo bai motsu ba.

To, ga inda yake ba da wahala. Gindin takarda shi ne wurin da ya fi kowane haɗari. Ƙananan firintocin ofis ba sa buga har baki, suna barin milimita huɗu ko biyar, wasu masu tawadar ruwa ma sun fi haka a ƙasa. Duk layin da ya sauka ƙasa da milimita 10 yana iya fita rabi. Injin fotokwafi ma ƙasa yake yawan yankewa idan takarda ta ɗan zame. Shi ya sa nake dagewa a kan milimita 12, shi ya sa kuma lambar RC take sama kusa da suna, inda ba abin da zai taɓa ta. Na biyu, masu zane suna son ƙanƙance rubutun ƙasa zuwa girman 6, su kuma yi shi da ruwan toka mai haske. A kwamfuta yana da kyau. A hannun dattijon da ya bar tabarau a mota, ko bayan an yi fotokwafi sau biyu, lambar wayar ta zama ƙura. Kada ya gaza 8, kuma launinsa ya zama mai duhu. Na uku shi ne faffaɗan zirin launi da farin rubutu a cikinsa. Idan ya kai har bakin takarda, firintar ofis ba za ta iya ba, farin gefe zai zagaye shi. Idan aka yi fotokwafi ya koma baƙin dunƙule, siraran fararen haruffan su toshe. Siririn layi ɗaya mai launin tambari a saman adireshi ya wadatar.

Da na kai wa Alhaji gwajin wannan tsari, ya juya takardar ya ce, "Malam, to ina lambobin yaran? Kowa da tasa fa ake kiransa." Babban ɗan ne ya amsa kafin ni, ya ce, "Baba, ai wanda ya rubuta wasiƙar zai sa tasa a ƙarƙashin sunansa. Ta ofis da taka su isa a ƙasa." Haka aka yi, kuma maganarsa daidai ce: lambar da take canzawa da mutum wurinta cikin wasiƙa ne. Haka ma lambar asusun banki. Mutane da yawa suna so a buga ta a gindin letahed, ni kuwa ba na so. Wasiƙa tana zuwa hannun wanda ba ruwansa da biyan kuɗi, kuma ranar da aka sauya banki duk abin da aka buga ya tashi aiki. Wurinta takardar neman biya. Jerin sana'o'i ma mun mai da shi layi ɗaya gajere a ƙarƙashin suna. Kamfanin da takardarsa ta ce yana gini, yana shigo da kaya, yana noma, yana sufuri, yana kwangila kowace iri, mai sayen albasa a otal ba zai ƙara yarda da shi don wannan ba.

Tsari na uku shi ne na gefe: a ware ziri a tsaye, yawanci a dama, tambari a samansa, adireshi da waya da daraktoci su gangaro ƙasa. Lauyoyi da masu ba da shawara suna son sa, kuma lissafinsa yana da ban sha'awa. Da yake sama da ƙasa sun kuɓuta, rubutu yana farawa a milimita 25 ya tsaya saura 22, layi 50 ke nan, na magana 30. Amma zirin da tazararsa suna cin milimita 55 a dama, faɗin rubutu ya sauko daga 160 zuwa 130. Layi 30 masu faɗin 130 daidai suke da kusan 24 masu faɗin 160. Ashe a zube kunnen doki suka yi da tsari na biyu, har ma gajeren layi ya fi daɗin karatu. Ga mai sunayen abokan aiki shida ko rassa biyar, wannan ne tsarin da zai ɗauke su ba tare da ya danne wasiƙa ba.

Jadawali ne yake kayar da shi. Takardar farashin Alhaji gida biyar ce: lamba, sunan kaya, yawa, farashin ɗaya, jimla. Gidajen alƙaluma ba sa matsuwa, don naira miliyan da sifilinta sai ta sami wurinta. Duk milimita 30 ɗin da aka rasa daga gidan sunan kaya za su fita, ya ragu daga 60 zuwa 30, kowane kaya ya karye layi biyu, jadawalin ya kusa ninkawa, ya wuce layi 30 ɗin da ake taƙama da su. Ƙari a kan haka, zirin milimita 35 ba ya ɗaukar dogon adireshin imel sai an karya shi, kuma adireshin Legas mai lambar gida da titi da kwana da tashar mota da unguwa yana zama layi shida ko bakwai. Wanda aikinsa farashi da lissafi ne ya bar wannan tsari. Wanda aikinsa zance ne zalla ya duba shi da kyau.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a saka a kowane tsari ba, wato babban tambari mai dishi-dishi a tsakiyar takarda a bayan rubutu. Ana cewa yana hana jabu, amma duk mai na'urar sikanin zai kwafe shi. Abin da yake yi tabbas shi ne idan aka yi fotokwafi ya yi duhu ya haɗiye layukan da ke kansa, galibi kuma alƙaluman farashi ne a wurin.

Bayan an zaɓi tsari, saura zaɓi na biyu da yake komawa ya shafi na farko: a buga a maɗaba'a a ajiye, ko a riƙe shi cikin Word a riƙa bugawa tare da wasiƙa?

Bugun maɗaba'a, irin wanda ake yi a Shomolu da Mushin, yana ba da launi mai kyau da takarda mai kauri, kuma shi kaɗai ne yake iya kai launi har baki, domin a babbar takarda ake bugawa a yanke. Idan kana son haka, mai zane ya ƙara milimita 3 a kowane gefe don wuƙa ta sami abin ci, ya aika aikin a CMYK, wato tsarin launin da injin maɗaba'a yake amfani da shi, ya kuma mai da haruffa zane kafin ya fitar da PDF. A CorelDRAW umarnin shi ne Convert to Curves. Idan bai yi ba, kwamfutar maɗaba'a tana iya musanya harafin da wani, kuma ƙ da ɗ da ɓ su ne farkon waɗanda suke komawa akwati fanko. Launin da ka gani a waya ba shi za ka gani a takarda ba, kore da shuɗi masu haske suna dusashewa, don haka ka nemi a buga maka gwaji ɗaya ka riƙe a hannu kafin a saki injin. Takarda ta zama mara sheƙi, mai nauyin giram 100, ko 120 idan ana son ta yi jiki. Mai sheƙi ta kalanda ba ta shan biro, hatimi kuma yana zamewa a kanta ya ɓata hannu. Giram 80 ta fotokwafi tana nuna launi ta baya. Ka gaya wa mai bugu cewa takardar za ta sake bi ta cikin firintar leza, wadda take gasa takarda da zafin da ya kusa digiri 200. Rubutu mai tudu da ake yi wa katin biki yana narkewa a wannan zafi, haka ma wani bugun da aka yi da garin tona yana iya ɓarewa ya manne a cikin injin.

Illar bugun maɗaba'a a Legas biyu ce. Ta farko haya: ofishi yana tashi, adireshi yana canzawa, rim ɗaya kuwa takarda 500 ce, kamfanin da yake rubuta wasiƙa goma a wata zai shekara huɗu bai cinye ta ba. Na sha ganin takarda mai tsada an soke adireshinta da biro an rubuta sabo a gefe. Ta biyu laima: takardar da aka buɗe aka bari a kan kanta cikin damina tana lanƙwasa, firinta ta riƙa cafkar biyu ko ta maƙale. A bar ta cikin ledarta, a kwance, nesa da bango. A nan tsari na biyu yana da wata riba da ban ga ana amfani da ita sosai ba: a buga saman kawai a maɗaba'a, tambari da suna da RC, waɗanda ba sa canzawa, adireshi da waya da daraktoci kuma su zauna a Footer na Word, wato gindin shafi, a riƙa buga su da baƙi tare da wasiƙa. An tashi daga Agege an koma Ikeja, gyaran minti biyu ne, takarda ko ɗaya ba ta lalace ba. Tsari na farko ba ya ba da wannan dama, don adireshinsa a cakuɗe yake da tambari.

Wanda yawancin wasiƙunsa PDF ne ake turawa, Word kaɗai ya ishe shi, in dai an gina shi daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki hoton letahed gaba ɗaya a shimfiɗa a bayan shafi. Fayil ya yi nauyi, rubutun ƙasa ya yi hazo, ba a iya kwafar imel daga ciki, kuma da sakatare ya taɓa hoton sai ya zame. Tambari kaɗai ne ya kamata ya zama hoto, a cikin Header, wato kan shafi, sauran duka rubutu ne na gaske. Ka fara duba girman shafi a Layout, sannan Size, ka tabbatar A4 ne. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a kan Letter ta Amurka, wadda ta gaza A4 da milimita 18 a tsawo. Alamarta ita ce gindin takarda ya fito yana rataye sama da inda aka tsara shi, da faffaɗan fari a ƙarƙashinsa. Wajen buga PDF kuma a zaɓi Actual size, domin Fit yana ƙanƙance komai kaɗan, awon da aka sha wahala a kansa ya goce.

Sai shafi na biyu, wanda kusan kowa yake mantawa da shi. Wasu wasiƙu dole su wuce shafi ɗaya, kuma bai dace babban kai ya maimaitu ba. A Word ka kunna Different First Page, ka sa cikakken kai a shafin farko, na biyu ya ɗauki sunan kamfani da ƙaramin harafi da lambar shafi kawai. Ka sa iyakar sama ta tsaya a santimita 2.5, domin Header na shafin farko da kansa yake tura rubutu ƙasa gwargwadon tsawonsa, shafi na biyu kuma ya fara daga sama ba a yi asarar wuri ba. Idan a kan bugaggiyar takarda za a buga, Header na shafin farko ya zama fanko amma a ba shi tsawon da zai kai rubutu milimita 45. Wannan ya fi danna Enter sau takwas a farkon kowace wasiƙa, wanda yake rushewa da zarar wani ya canza girman harafi. A sayi fararen takardu irin na letahed ɗin, nauyi ɗaya, fari ɗaya, don shafi na biyu.

Alhaji ya tsaya a tsari na biyu, tambari a hagu, an buga sama a maɗaba'a da launi biyu, ƙasa tana Word. Kafin a biya kuɗin bugu mun yi gwajin da nake so kowa ya yi, ko wane tsari ya zaɓa. Mun ɗauki takardar farashi mafi tsawo da suka taɓa aikawa muka zuba a ciki, muka buga a firintar ofishinsu, ba tawa ba. Alhaji ya sa hannu da birorsa, aka buga hatimi, sai muka ga hatimin nasu mai faɗin milimita 40 yana taɓa layin adireshi idan jadawali ya cika. Muka mai da wurin hatimi dama da sa hannu maimakon ƙarƙashinsa. Muka huda takardar, muka naɗe ta uku muka saka a ambulan, muka yi fotokwafinta, muka sake yin fotokwafin kwafin, ƙaramin ɗan kuma ya ɗauki hotonta da waya ya tura wa wakilinsu na Kano ya ce ya karanto lambar waya da imel. Ya karanto lambar daidai, amma ya ɗauki ƙaramin l na imel a matsayin 1. Muka canza harafin gindin zuwa wanda yake bambanta su, muka ɗaga girmansa daga 8 zuwa 8.5, layi huɗun suka ci gaba da zama cikin milimita 15 ɗinsu, sannan aka kai aikin Shomolu.